Darasi na 9: Kafin ka sa hannu a takardar aikin da aka turo maka daga ƙasar waje

Wata ɗalibarmu a nan Birnin Kebbi ta zo aji ran Asabar da wayarta a hannu tana ta murna, wai wani kamfani a Amurka ya ba ta aikin fassara ɗan littafin kiwon lafiya daga Turanci zuwa Hausa, kalma 10,000 a kan dala 500. Ta ce "Malam, sun turo takarda shafi shidda wai in sa hannu, in danna kawai ko?" Na ce a'a ɗiyata, ja kujera ki zauna tukuna. Abin da muka duba ni da ita shi ne darasinmu na yau.

Mun fara da kuɗin. Alamar nan ta $ ba Amurka kaɗai ke amfani da ita ba, Kanada da Ostireliya su ma dala suke kiran kuɗinsu, kuma duk ba su kai ta Amurka daraja ba. Don haka ka nemi haruffa uku kusa da adadin: USD dalar Amurka ce, CAD ta Kanada, AUD ta Ostireliya. Nata USD ne, alhamdu lillahi. Sai dai a layi na gaba an rubuta wai za su iya biya da kuɗin ƙasar mai aikin bisa canjin da kamfanin ya ga ya dace. Nan ne na ce mata kada ta yarda. Duk wanda ya ga yadda dala ta tashi daga naira 460 da ɗoriya a farkon 2023 har ta haura 1,500 a 2024 ya san canji ba abin da za ka bar wa wani ya yanke maka ba ne. Ko dai su biya ka da dalar ta shiga asusunka na dala, wanda bankuna ke kira domiciliary account, ka canza da kanka ranar da ka so, ko kuma takardar ta faɗi ƙarara canjin wace rana za a bi, kuma na wa.

Sai maganar wa zai ɗauki cajin turawa, wannan kuwa mutane da yawa ba sa tambaya sai kuɗi ya iso da giɓi su fara zargin banki. In ta banki za a turo, mai turawa yana zaɓar ɗaya cikin uku a fom ɗinsa. OUR na nufin shi zai biya cajin duka, SHA ku raba, BEN kai ne za ka ɗauke shi kaf. Mu ƙaddara an zaɓi SHA, bankin da kuɗin ya ratsa ta cikinsa a hanya ya cire dala 25, kin ga 475 ce za ta iso ba 500 ba. In canji yana 1,500 a ranar, naira 37,500 ke nan ta tafi, kuma ba wanda za ki riƙe tunda takarda ba ta ce komai ba. Ki roƙe su su rubuta cewa cajin a kansu yake. In kuma ta kamfanin tura kuɗi na intanet mai suna Payoneer za su biya, to duba nasu cajin na cirewa zuwa banki kafin ki amsa. Akwai kuma wani ɗan rubutu, Net 30, ma'anarsa sai kwana 30 bayan kin tura musu takardar neman biya, ba daga ranar da kika gama aiki ba, saboda haka ranar da kika miƙa aiki a ranar za ki tura ta.

Haraji shi ne inda ta ɗaure fuska, ta ce "To Malam, mi ya haɗa ni da haraji, ni da ba ma'aikaciyar gwamnati ba?" A takardar an kira ta independent contractor, wato 'yar kwangila ce mai cin gashin kanta, ba ma'aikaciyarsu ba. Ma'aikacin sakatariya ana cire masa haraji kafin albashi ya shigo, ke ba wanda zai cire miki, ba fansho, ba kuɗin hutu, kuma nauyin biyan haraji ya dawo wuyanki. Wanda yake zaune a Najeriya, kuɗin da ya samu ko daga waje ya zo ana lissafa shi cikin abin da zai biya wa haraji, kuma hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da kake zaune ake biya, ita ta Kebbi, wanda ke Gusau ta Zamfara. Za ka yi lambar haraji, TIN, sannan ka kai bayanin abin da ka samu bara kafin watan Maris ya ƙare.

Ba abin tsoro ba ne in ka yi lissafi. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji a kanta, miliyan 2.2 da ke biye kuma kashi 15 cikin ɗari ne. A ce bayan ta cire abin da ta kashe a kan aikin kansa, irin su data, ya rage mata miliyan 3 a shekara, to 800,000 ta fita, kashi 15 na sauran shi ne naira 330,000. Shi ya sa na ce mata duk kuɗin da ya shigo ta ware kamar kashi ɗaya cikin goma da ɗan ƙari ta ajiye gefe, ta kuma adana rasit, don biyan 330,000 lokaci guda ba wasa ba ne in an riga an cinye. Fom ɗin W-8BEN da suka haɗo mata kuwa na hukumar harajin Amurka ne, shaida ce cewa ita ba mutumiyar can ba ce. Ta cike shi, in ba haka ba suna iya riƙe wani kaso na kuɗinta. Amma bai ɗauke mata harajin gida ba.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna, aikin na wa ne bayan an gama? A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ba a miƙa wa wani mallakar aiki sai a rubuce, to rubutun shi ne wannan takarda da kake gaggawar sa wa hannu. In ka ga work made for hire ko assign all rights, suna cewa aikin ya zama nasu ɗungurungum, su buga, su canza, su sayar, kai ba za ka sake amfani da shi ba. Ga aikin fassara wannan ba baƙon abu ba ne, shi suke biya. Abin dubawa shi ne yaushe yake zama nasu. Tata ta ce tun daga lokacin da aka rubuta shi, wato ko ba su biya ba ya riga ya fita hannunta. Ka taɓa ganin wanda ya kai sa kara ya miƙa igiya kafin a ƙirga masa kuɗi? Muka tura musu su sauya layin ya koma haka:

```
Rights transfer to Client upon full payment.
```

Ma'ana sai an biya duka mallaka za ta koma hannunsu. Ta kuma nemi a cire wani ƙamus na kalmomin asibiti da ta daɗe tana tarawa a littafinta daga cikin abin da za ta miƙa, don ta riga ta mallake shi kafin ta san da su, sannan a ba ta izinin nuna shafi biyu ga masu ba da aiki nan gaba. Sun yarda da maganar biya da ta ƙamus, ta nuna shafi suka ƙi, ta sa hannu a haka.

Aikin gida: an yi maka alkawarin dala 300, an cire 20 a hanya, canji yana 1,500. Naira nawa za ta shigo hannunka, kuma nawa za ka ware in kana ajiye kashi ɗaya cikin goma? Ka zo da amsar a rubuce ran Asabar.