Yadda Ake Gano Raunin Hujja a Sikirinshot Ɗin da Aka Turo Maka

A ce an turo maka sikirinshot a zauren WhatsApp na dangi, an ɗauko daga Facebook, yana cewa: "A 2014 mun yi wanka da ruwan gishiri, Ebola ba ta kama kowa a Arewa ba. Wani babban likita ma ya tabbatar. Don haka gishiri na kare mutum daga annoba. Duk wanda ya musa, yaron masu sayar da magani ne." Jimla huɗu ce, amma kowacce da irin nata aikin.

Da farko ka kwafe maganar da hannunka, kowace jimla a layinta. Hoto yana zuwa da ado: shuɗiyar alama kusa da suna, dubban masu yabawa, jan layin da wani ya zagaye wata kalma da shi. Idan ka kwafe, duk wannan ya zube, sai tsurar magana. Sannan ka nemo "don haka", ko "shi ya sa", ko "ke nan". Abin da ya biyo bayansu shi ne iƙirarin. Abin da ya gabace su kuma dalilai ne.

Mataki na biyu shi ne babba. Ka ɗauka dalilan duk gaskiya ne, ka tambayi kanka ko hakan ya tilasta iƙirarin. A nan ba sai ka yi kara ba ma, domin rabin maganar gaskiya ce. A watan Agustan 2014 mutane da yawa sun tashi cikin dare sun yi wankan gishiri, kuma cutar ba ta iso Arewa ba. To amma waɗanda ba su yi wankan ba fa? Su ma ba su kamu ba. Da zarar mai wanka da wanda ya yi barcinsa sun tashi da sakamako ɗaya, gishirin ya fita daga lissafi. Ko zakara bai yi cara ba gari zai waye.

Daga nan sai ka nemi wani bayanin da ya fi dacewa da abin da ya faru. Cutar ta shigo Legas ranar 20 ga Yulin 2014 ta hanyar Patrick Sawyer, wanda ya taso daga Laberiya. Mutum 20 suka kamu a Legas da Fatakwal, 8 suka rasu. Ebola tana yaɗuwa ne ta taɓa jini, amai ko sauran ruwan jikin mai cutar, don haka ma'aikatan lafiya suka bi sawun duk wanda ya yi hulɗa da majinyata har kwana 21, suka killace wanda ya nuna alama. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa cutar ta ƙare a Najeriya. Mutumin Gusau bai kamu ba ne saboda ƙwayar cutar ba ta zo kusa da shi ba. Akwai kuma abin da hoton ya yi shiru a kai: waɗanda suka sha gishirin har aka kwantar da su a asibiti, wasu ma suka rasu.

Na uku, ka auna girman kalmomi. Dalilin ya yi maganar Ebola, cuta ɗaya, a shekara ɗaya. Iƙirarin ya ce "annoba", wato har da kwalara da sanƙarau da ƙyanda, alhali kowacce da hanyar da take bi. Irin wannan tsalle yakan ɓuya a kalmomi kamar "duk", "kullum" da "babu wanda".

"Wani babban likita" ba shi da suna, ba asibiti, ba ranar da ya yi maganar, don haka ka soke layin. Jimlar ƙarshe kuwa ba hujja ba ce sam, toshe baki ce. Ko da mai musun yana da shagon magani a Sabon Gari, tambayar waɗanda ba su yi wanka ba tana nan tana jiran amsa.

Kafin ka yanke hukunci a kan marubucin, ka tuna hoto yankakke ne. Duba ko akwai kwanan wata, da ko maganar ta fara da "amma" ko "ai", alamar martani ce ga wani rubutun da aka datse. Ɗauki kalma biyar ko shida a jere ka nema a shafin da aka ce daga can take. Wani lokaci za ka tarar ba'a mutumin yake yi, mai yanka ya cire layin da ya nuna hakan.

Inda masu wannan aiki suka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar raunin hujja a matsayin shaidar cewa iƙirarin ƙarya ne. Da wani zai rubuta "na wanke hannu da sabulu ban kamu da kwalara ba, don haka sabulu na kariya", ginin hujjarsa ɗaya ne da na mai gishiri, amma abin da ya faɗa daidai ne, saboda wasu dalilai da bai kawo ba. Don haka idan za ka mayar da amsa a zauren, ka tsaya kan gurbin da ka gano: "Kawu, waɗanda ba su yi wankan ba, su nawa suka kamu a Kano?"