Matakan Warware Atisayen Dacewar Aikau da Lamirin Aikatau

Da farko, nemo aikau na ainihi, wato wanda ya yi aikin, ka ja masa layi. Ɗauki wannan jimla da za a cike gurbinta da lamirin aikatau, wato kalma irin su "ya", "ta" ko "sun": "Garken shanun da makiyaya suka koro daga rafi ___ shiga gonar." Aikau a nan shi ne garke.

Na biyu, rufe duk maganar da ta ratsa tsakani da yatsanka, ka karanta abin da ya rage: "Garken ___ shiga gonar." A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, domin kunne yakan bi jam'in da ya fi kusa da gurbin, sai hannu ya rubuta "sun". Haka ma "Shugabar makarantar, tare da malamanta, ta iso", saboda ratsin bai mayar da aikau jam'i ba.

Na uku, tantance jinsi da adadi. Garke suna ne tattarau, tilo kuma namiji, saboda haka "ya" ce amsa.

Sai dai "jama'a" tana karɓar biyu, "jama'a ta taru" ko "jama'a sun taru". Wanda ka zaɓa, riƙe shi har ƙarshen jimla, kada ka rubuta "jama'a ta taru suna jira".