SWOT: Jera abubuwa ba shi ne bincike ba

Jama'a, na sha ganin takardar neman jari da akwatuna huɗun da ake kira SWOT cike taf: ƙarfi, rauni, dama, barazana. An jera, an rufe, babu shawarar da ta fito. Abin yana damuna, domin aikin bai ma fara ba.

Ga yadda nake yi. Ƙarfi da rauni na cikin gida ne, kana da iko a kansu; dama da barazana daga waje suke zuwa. Sai ka ɗauko ɗaya na ciki ka haɗa shi da ɗaya na waje, ka tambayi kanka: to, me zan yi? Wannan haɗin shi ake kira TOWS, wanda wani farfesan harkar gudanarwa, Heinz Weihrich, ya fito da shi a 1982.

A ce kina sana'ar yogot a Kano. Rauninki shi ne ba ki da firji mai sola. Barazana kuwa ɗaukewar wuta a zafin Afrilu, lokacin da ciniki ya fi tafiya. Idan kika haɗa su, zaɓi biyu ne: ko ki sayi firjin kafin Maris, ko ki riƙa haɗa abin da zai ƙare a ranar kawai. Ki zaɓi ɗaya, ki rubuta kuɗinsa, da wanda zai yi, da ranar gamawa. Ki kuma rubuta abin da kika haƙura da shi, misali buɗe sabon shago bana.

Duk layin da bai haifar da mataki ba, kamar "muna da himma", ki goge shi.