Yadda ake yi wa yaro asusu har ya zama tunkiya

Nemi asusun ƙasa, na maginan tukwane, mai siririn baki. Ban yarda da gwangwanin madara ba, murfinsa na buɗuwa, kuma yaro ɗan shekara takwas ya san haka kafin kai.

Sai ka yanka adadin da ko ranar da kasuwa ta ƙi ba zai gagare ka ba. Ni a Marwa ta Kamaru sefa 500 nake ba ɗana duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, shi ne kuma mai jefawa da hannunsa. Juma'a 52 ta kama sefa 26,000 a shekara. Tsaba kawai, ban da takarda, don gara da laima ba sa barin ta. Na san canji na wahala a garin nan, ka roƙi mai shagon unguwa ya riƙa ajiye maka.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne ranar fasawa. Ni ma nan na faɗi. Shekarar farko ban sa rana ba, na ce masa kawai "sai ya cika". Wata huɗu da farawa ƙaramar Sallah ta zo, ya ga takalmi a ƙafar abokinsa, ya yini yana girgiza asusun a kunnena: "Baba, ai ya yi nauyi." Uwarsa ta sa baki, na fasa asusun. Sefa 8,500 muka ƙirga a kan tabarma, kafin yawon Sallah ya ƙare babu ko sisi. Laifina ne, yaro ba ya iya jiran abin da ba shi da rana. Da muka sake, na ja layi 52 da gawayi a bangon zaure, duk Juma'a ya goge ɗaya. Da ya fara ƙorafi sai in ce, "Je ka ƙirgo saura nawa." Kai ma kada ka ranta daga ciki, ko na cefane ne. Ranar da ya gan ka da tsinke a bakin asusun, zance ya ƙare.

In layi ya ƙare, ku fasa tare, ku tafi kasuwar dabbobi bayan Layya, lokacin da farashi ya sauko. 'Yar tunkiya za ku saya, ba rago ba, in kuɗin bai kai ba ka cika. Cikinta wata biyar ne, jira na biyu ke nan. A yi mata rigakafi, dusa da harawa kuma aikin yaron ne. In ta haihu, mace a bari, namiji a sayar gab da Layya, kuɗin ya koma sabon asusu. Tamu a shekara ta uku ta yi tagwaye, ɗaya ya mutu da damina.