Ƙarin Kaso a Kan Ajiyar Ritaya Duk Shekara: Lissafi ga Sabon Zuwa

Sabon zuwa da ya samu aiki yakan ci karo da wata tambaya a takardar shiga asusun fansho: ko yana son abin da yake zubawa duk wata ya riƙa ƙaruwa da wani kaso a kowace shekara. Kafin ya amsa, ya kamata ya san abin da ƙarin yake haifarwa da abin da ba zai iya gyarawa ba.

A ɗauka mutum yana zuba 200 a wata, wato 2,400 a shekara, cikin kuɗin ƙasar da yake, asusun kuma yana kawo ribar kashi 6 cikin ɗari a shekara. Wannan riba misali ce kawai, domin ta gaskiya tana hawa tana sauka. Idan bai taɓa ƙara komai ba har shekara 30, zai zuba 72,000 daga aljihunsa, ya tarar da kimanin 189,700. Idan kuwa ya zaɓi ƙarin kashi 3, zubin wata zai koma 206 a shekara ta biyu, 212.18 a ta uku, tun da kowane ƙari yana hawa ne a kan adadin bara, har ya kai kusan 471 a shekarar ƙarshe. Abin da zai taru ya kai kimanin 265,300. Ga yadda ake lissafin:

```
FV = P * ((1+r)^n - (1+g)^n) / (r - g)
```

FV shi ne abin da zai taru, P zubin shekarar farko, r riba, g ƙarin, n kuma yawan shekaru, wato 2,400 da 0.06 da 0.03 da 30. An ɗauka ana zuba kuɗin a dunƙule a ƙarshen shekara, saboda haka mai zubin wata-wata zai samu ɗan abin da ya ɗara haka.

Tazarar da ke tsakanin hanyoyin biyu ta kai 75,600, amma a duba inda ta fito. Mai ƙarin ya zuba kimanin 114,200, wato ya ɗara ɗan'uwansa da 42,200, saboda haka fiye da rabin tazarar guminsa ne, ribar da ke ciki 33,400 ce kawai. Dalili shi ne manyan zubin suna zuwa a ƙarshe, lokacin da shekarun da za su yi suna haihuwa suka rage kaɗan. Kuɗin shekarar farko suna da shekara 29 a gabansu, har su ninka fiye da sau biyar, na shekarar ƙarshe kuwa yadda aka zuba su haka za a same su.

Wannan ne ya fi shafar sabon zuwa, domin da yawa sukan ce bari su zauna da gindinsu tukuna, daga baya su rufe giɓin da ƙari. Wanda ya jinkirta shekara 5, sannan ya fara da 200 tare da ƙarin kashi 3 har shekara 25, zai tara kimanin 175,800. Bai ko kamo wanda ya fara da wuri bai taɓa ƙara komai ba, alhali ya fi shi zubawa. A ganina, farawa da ɗan abin da ya samu tun daga albashin farko ya fi jiran ranar da hannu zai cika.

Sai batun tsadar rayuwa. Idan farashi yana tashi da kashi 3 a shekara, ƙarin kashi 3 yana riƙe darajar zubin ne a inda take, kuma 265,300 ɗin nan ba za su sayi fiye da abin da 109,300 suke saya a yau ba. Ladan masu kula da asusun ma yana cin nasa: idan suna cire kashi 1 a shekara, ribar ta koma kashi 5, jimillar za ta sauko zuwa kimanin 227,400, wato kimanin 37,900 sun tafi, kwatankwacin rabin tazarar nan ta 75,600.

Akwai ruɗanin da ake yawan faɗawa a wajen cike takarda. Ƙara kashi 3 a kan adadin zubi daban yake da ƙara maki a kan kason albashi. Wanda ya tashi daga kashi 5 na albashinsa zuwa kashi 6 ya ƙara zubinsa da kashi 20 cikin ɗari ke nan. Wanda kuma ake cire masa kason albashi, zubinsa yana hawa da kansa duk lokacin da aka yi masa ƙarin albashi, don haka ya tambayi ofishin ma'aikata wanne ake nufi kafin ya sa hannu.

Ƙarin da ya wuce na albashi shi ne yake fara takura mutum. Zubin 200 daga albashin 2,500 kashi 8 ne, amma idan albashin yana ƙaruwa da kashi 1 kacal, zubin da kashi 3, a shekara ta 30 zai cinye kusan kashi 14. Hanyar ganewa ita ce a ɗauko takardar albashi sau ɗaya a shekara, a raba zubin da albashin, a kwatanta da na bara. Idan kason yana hawa fiye da yadda gida zai iya ɗauka, a sauko da ƙarin zuwa daidai na albashi, a bar zubin yana tafiya.