Daga filin jirgin Kasablanka zuwa Fas a motar haya: kurakuran da aka fi yi a tolget

Mutanenmu na ƙauyukan Kano da Jigawa da suke zuwa ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas yawanci a filin jirgin Muhammad na Biyar suke sauka, kudu da Kasablanka da kimanin kilomita 30. Idan mutum huɗu ne ko biyar, musamman in akwai dattijo a cikinsu, sukan haɗa kuɗi su ɗauki motar haya, a miƙa wa wanda ya fi iya tuƙi makulli. Tafiyar ta haura kilomita 300, kusan dukkanta a kan babbar hanya mai kyau wadda ake biyan kuɗi. A Maroko hannun dama ake tuƙi kamar a gida, don haka wannan ba ya ba kowa wahala. Abin da ke kayar da direbanmu shi ne tolget. Tun da gwamnatin Obasanjo ta rushe na hanyoyin tarayya wajen farkon 2004, an yi direbobi masu yawa, gwanaye a hanyar Haɗeja da ta Gumel, waɗanda ba su taɓa zaɓar layin biyan kuɗi suna cikin gudu ba.

Kuskuren farko a teburin masu ba da haya ake yin sa. Mutum ya gaji, ya sa hannu a takardu, ya zagaya motar ya duba ƙwarzane, ya shiga ya tayar, bai tambayi yadda motar take biyan kuɗin hanya ba. Kamfanin da ke kula da manyan hanyoyin ƙasar, ADM, yana da wata 'yar na'ura mai suna Jawaz da ake maƙalawa a gilashin gaba ta ciki, kusa da madubi. Ana zuba mata kuɗi tun da wuri, idan mota ta iso layinta sai ƙarfen ya ɗaga da kansa a cire kuɗin. Wata motar hayar tana da ita, wata babu. Kafin ka bar wurin ka dubi gilashin da idonka. In ka gan ta, ka tambayi nawa ne a ciki, da yadda za su lissafa maka abin da ka ci ranar da ka dawo da mota. Na'urar da kuɗinta ya ƙare ba za ta buɗe maka ƙarfe ba. In kuma babu ita, to ka san kai mai biya da hannu ne daga nan har Fas, kuma shawarata ga wanda zuwansa na farko ke nan ya zaɓi hakan, domin a layin hannu akwai mutum zaune da za ka iya yi wa tambaya.

Wannan ya kai mu ga kuɗi. Dirhami ake karɓa, ba dala ba, ba riyal ɗin da ya rage daga Umara ba. Tolget ɗin farko bai da nisa da filin jirgi, kuma abin da ake biya a wurin 'yan dirhami kaɗan ne. Wanda ya ce zai yi canji in ya isa gari zai tarar da ƙarfe a gabansa tun bai ga garin ba. Ka yi canji a cikin filin jirgin, ka roƙi a ba ka takardun 20 da 50 da sulallan 5 da 10, kada a cika maka hannu da 'yan 200 zalla. Dirhami 150 a ƙananan kuɗi zai kai ƙaramar mota Fas. Kada ka jingina da katin banki na gida, ko da ka ga alamar kati a saman layi. Kuɗin kuma a hannun wanda ke zaune a gaba za su kasance, ba a aljihun 'yar ciki ƙarƙashin babbar riga da bel a ɗaure ba.

Sai kuskuren da ya fi yawa, wato faɗa wa layin da babu kowa. Idan ka tunkari tolget, titin mai layi biyu ko uku yakan baje ya zama layuka da yawa. Za ka ga motoci sun yi jerin gwano a wasu, wani kuma fayau. Direban da ya saba da cunkoson Kwanar Dawaki ko 'Yankaba hannunsa da kansa yake karkata sitiyari zuwa inda ya ga sarari. To wannan sararin sau da yawa layin masu Jawaz ne, ba kowa a ciki ne saboda su ba sa tsayawa, rage gudu kawai suke yi su wuce. Ka shiga babu na'ura, ƙarfe ba zai motsa ba, ga mota ta biyo ka a baya tana tsammanin za ka wuce.

Gyaran shi ne ka ɗaga ido sama, ka bar kallon ƙasa. A saman kowane layi akwai alama. Jan gicciye yana nufin layin a rufe yake, koriyar kibiya tana nufin a buɗe yake, tambarin Jawaz shi kaɗai yana nufin na masu na'ura ne. Ka nemi layin da ka ga motoci suna tsayawa cak, direbobi suna miƙa hannu ta taga. Kuma zaɓin tun daga nesa ake yin sa. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa, wanda shi ne iyakar gudu a manyan hanyoyin Maroko, tana cinye mita 33 a kowace daƙiƙa, wato kilomita guda cikin rabin minti. Da zarar ka ga allon da aka rubuta Péage, ko محطة الأداء da Larabci, ka ɗauke ƙafa daga totur, ka bar layin hagu na masu sauri, ka bi allunan da ke rage gudu mataki-mataki. Jandarmomi sukan tsaya da na'urar auna gudu a irin waɗannan wurare, tarar kuma nan take ake yanka ta.

A ce ƙaddara ta faɗa, ka riga ka shiga. Kada ka sa ribas. Wanda ke bayanka ya taho ne da niyyar wucewa ba tsayawa ba, komawarka baya ita ce za ta mayar da ƙaramin kuskure haɗari, a motar da ka ba da jinginar kuɗi mai yawa a kanta. Ka kunna fitilun hazad, ka zauna a cikin mota, kada kowa ya fito ya tsallaka layuka da ƙafa. In akwai maɓallin kira a jikin injin ka danna, in babu ka jira ma'aikaci ya zo. Za a yi ta danna maka hon. Ka bari su danna, minti biyu ne ko uku.

Bari mu bi hanyar yadda take. A ce mutum huɗu ne daga wani ƙauye kusa da Ringim, Malam a gaba da kuɗi da waya, dattawa biyu a baya. Fita daga filin jirgi ke da wuya sai hanya ta rabu: ɗaya ta yi arewa zuwa Kasablanka, ɗaya ta yi kudu zuwa Barshid da Sattat da Marrakesh. Direba yana neman sunan Fas a allo, bai gani ba, sai ya rikice. Allunan farko ba garin da za ka suke faɗa ba, garin da ke gabanka suke faɗa. Jerin da za a haddace tun a wurin ajiye motoci shi ne Casablanca, sannan Rabat, sannan Meknès da Fès, kamar yadda ake rubuta su. Allunan babbar hanya shuɗaye ne, da Larabci da Faransanci, don haka Malam da ya iya karatu ya sami aiki. Ya riƙa karantowa da wuri, ya ce, "Alhaji, Rabat ta hannun dama ce, a fara matsowa," ba sai an zo baki ya yi ihu ba. Da an kusa Kasablanka a bi allon Rabat, domin akwai hanyar da ke kewaye birnin, wanda ya bi allon tsakiyar gari kuwa ya faɗa cunkoson da bai shirya masa ba. A waya kuma a duba kada taswira ta kasance an saita ta a kan guje wa hanyar biya, in ba haka ba za ta yi ta fitar da ku zuwa tsohuwar hanya mai ratsa garuruwa.

Idan an wuce mahaɗa, an wuce. Babu juyawa a babbar hanya, tsakiyarta a katange take, kuma ja da baya a gefen titi don a cim ma mafitar da aka bari ganganci ne da rai. A ci gaba zuwa mafita ta gaba, a biya abin da aka ce, a dawo ta ɗaya hannun. Asarar 'yan dirhami ce da 'yan mintuna.

Akwai kuma abin da ke rikita ko waɗanda suka iya zaɓar layi: tolget ɗin ba iri ɗaya ba ne. Tsakanin Kasablanka da Rabat, a Buznika, ƙayyadadden kuɗi ake biya a wuce, shi ke nan. Amma bayan an kewaye Rabat an bar hannun Kenitra da Tanja an kama hanyar Fas, a Sidi Allal Bahrawi, ba kuɗi za a nema ba, tikiti za ka karɓa. Wannan tikitin shi ke nuna inda ka shigo, da shi za a lissafa kuɗinka a inda ka fita. Mutanenmu sukan ɗauka rasit ne irin na baya, a dunƙule shi a jefa ƙarƙashin kujera, ko iska ta ɗauke shi ta taga a wajen Khamisat. Wanda ya isa mafita babu tikiti, ƙa'idar irin wannan hanya ita ce a caje shi kuɗin tafiya mafi tsawo, tunda ba shi da shaidar inda ya shigo. Gane bambancin ba wuya: in ka ba da kuɗi aka ba ka takarda, rasit ne, in aka ba ka takarda ba ka ba da komai ba, tikiti ne, bashi na gaba. A maƙala shi a bayan marfin kare rana na direba, kada a naɗe shi, kada a bar shi a mota a buɗe in an tsaya salla a wurin hutawa.

Gajiya ma tana da hannu a duk waɗannan. Wanda ya kwana a jirgi ido biyu ya tsaya a wurin hutawa na farko, akwai masallaci da shayi da gidan mai. In mota ta lalace, a raɓa gefen dama sosai, kowa ya fita ta ƙofar dama ya tsaya bayan shingen ƙarfe, a kira 5050, lambar taimako ta ADM.

Bayan Maknas sai a fara shirin fita, a ciro tikiti da kuɗi tun kafin allon Fès ya bayyana, domin hanyar ba a nan ta ƙare ba, ta miƙe zuwa Taza da Wujda. A karɓi rasit a haɗa da na baya har ranar mayar da mota, saboda in lissafin kuɗin hanya ya taso da masu haya, su ne shaida. Zawiyar Shehu tana cikin tsohon birni inda mota ba ta shiga, don haka a tambayi masauki tun da wuri wace ƙofa ce ta fi kusa da su mai wurin ajiye mota da mai gadi, a sa sunan ƙofar a taswira maimakon sunan zawiyar.