Sa'o'i 20 a mako: yadda ɗalibi zai nemi aiki a Birtaniya ba tare da ya taka doka ba

Ɗalibin da ya zo Birtaniya karatun digiri na cikakken lokaci yana da izinin yin aikin sa'o'i 20 a mako muddin ana cikin zangon karatu, wanda kuwa kwas ɗinsa bai kai matakin digiri ba sa'o'i 10 kawai aka ba shi. Abin da ya fi kayar da sababbin zuwa shi ne yadda ake ƙirga makon, domin a wurin hukumar shige da fice mako yana farawa ne daga Litinin ya ƙare Lahadi, kuma kowane mako zaman kansa yake yi.

A ce wata ɗaliba tana yin sa'o'i 12 a kanti da sa'o'i 8 a gidan kula da tsofaffi. Ta riga ta cika 20, tun da jimillar ayyukan ake dubawa. Idan manaja ya roƙe ta ta tsaya wa wani na sa'o'i huɗu ranar Lahadi, ta kai 24 ke nan, kuma rage aiki zuwa 16 a mako mai zuwa ba zai goge wannan ba. Manajan kanti bai san abin da take yi a wancan gida ba, saboda haka lissafin yana wuyanta. Gara ta riƙa rubuta sa'o'inta kullum, ta bar ratar sa'a ɗaya ko biyu.

Irin aikin ma akwai ƙa'idarsa. Bizar ɗalibi ta hana mutum yin aikin ƙashin kansa, kuma a nan ne aikin kai abinci ta manhajar waya yake zama tarko, domin yawancin masu yin sa ana lissafa su ne a matsayin masu zaman kansu, ko da sa'o'i biyar suka yi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ka tambaya ko za a sa ka cikin jerin ma'aikata, a riƙa ba ka takardar albashi. Idan aka ce kai za ka rubuto takardar neman biya, ko a damƙa maka kuɗi a hannu ba rubutu, ka haƙura.

A ganina, wuri mafi aminci da za a fara shi ne ofishin neman aiki na jami'a, domin sun saba da waɗannan sharuɗɗa. Ko'ina ka je, za a nemi `share code`, wato wata lamba da za ka ciro daga shafin gwamnati don tabbatar da izininka, da kuma shaidar ranakun zangon karatu daga jami'arka.

A lokacin hutu ana iya yin cikakken aiki, amma hutun da jami'a ta rubuta wa kwas ɗinka ake nufi. Ɗaliban digiri na biyu su kula sosai, domin jami'o'i da yawa suna lissafa watannin rubuta kundin bincike a cikin zangon karatu, ko da an daina shiga aji.